Daga Gida ko Rumfa Zuwa Shagon Haya: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Karɓi Makulli

Yawancin masu ƙananan sana'o'i suna fara tunanin kama shago ne a lokacin da kaya suka cika ɗaki, ko kuma lokacin da abokan ciniki suka yawaita tambayar inda shagon yake har mutum ya fara jin nauyin amsa cewa a gida yake sayarwa. Duka biyun dalilai ne da ake iya fahimta, amma babu ɗaya daga cikinsu da ya isa ya zama hujjar ɗaukar haya. Abin da shago yake canzawa tun ranar farko shi ne yanayin kuɗin da ke fita. Mai sayarwa a gida ko a rumfa, mafi yawan abin da yake kashewa yana tafiya ne tare da ciniki: idan an saya sai ya sake saro kaya, ya biya kuɗin kaiwa da na leda, idan kuma kasuwa ta yi sanyi sai kashe kuɗin ma ya ragu. Haya ba ta da wannan sassauci, domin adadinta ɗaya ne a watan da aka yi ciniki da watan da aka wuni ana kallon titi, kuma tana zuwa da 'yan rakiya irinta, wato kuɗin wuta, na gadi, na lasisi da albashin yaron shago. Saboda haka tambayar da ta dace a fara da ita ita ce: ƙarin ciniki nawa ake bukata kafin shagon ya biya kansa, kuma daga ina wannan ƙarin zai fito?

Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe, da alƙaluman da na tsara don bayani kawai, ba tare da ambaton kuɗin wata ƙasa ba, domin mai karatu ya cire su ya saka nasa. A ɗauka akwai wata mata da ke sayar da takalman yara da jakunkunan makaranta daga gida, tana karɓar oda ta waya. Idan aka haɗa cinikinta na shekara aka raba gida goma sha biyu, tana sayar da kayan 600,000 a wata. Kayan da ta saro a kan 3,000 tana sayar da shi 4,000, wato a kowane ciniki na 4,000 tana samun 1,000. Ribarta kafin a cire hidima 150,000 ce ke nan, kuma bayan ta cire 30,000 na kai kaya, katin waya da leda, abin da ke rage mata 120,000 ne. Na ce a raba cinikin shekara ne da gangan, domin irin wannan kaya yana tashi sosai lokacin komawa makaranta, sannan ya kwanta na tsawon watanni, kuma wanda ya gina lissafinsa a kan watan da kasuwa ta buɗe ya yaudari kansa tun kafin ya fara.

Shagon da ta gani hayarsa 480,000 ce a shekara, wato 40,000 a wata. A nan ne mutane da yawa suke tsayar da lissafi, su ce ai wanda ke samun 120,000 ba zai gaza biyan 40,000 ba. Sai dai akwai wuta, gadi da kwashe shara, a ce 12,000; lasisi da harajin wurin kasuwanci idan aka raba su wata-wata, 3,000; kuɗin zuwa da dawowa da abin da za ta ci a waje, waɗanda a gida ba ta san da su ba, 13,000; sai mai taimaka mata, domin shago ba ya zama a rufe duk lokacin da ta fita saro kaya, 30,000. Akwai kuma kuɗin da ake kashewa sau ɗaya, wato kanta, fenti, allon suna, ƙarfafa ƙofa da la'adar dillali, a ce 288,000. Wannan kuɗi ba zai dawo ba idan ta tashi, don haka daidai ne a raba shi a kan tsawon zaman da take da tabbacin za ta yi, a ce shekara biyu, ya zama 12,000 a wata. Jimillar sabon nauyin 110,000 ne a kowane wata, kusan ninki uku na hayar da ta fara kallo.

Yanzu sai a raba wannan nauyi da rabon ribar da ke cikin ciniki. Tun da kashi 25 cikin ɗari na abin da ta sayar ne riba, kafin ta sami 110,000 sai ta ƙara cinikin 440,000. Ma'ana, dole cinikinta ya tashi daga 600,000 zuwa 1,040,000 a wata, ƙarin sama da kashi 70 cikin ɗari, kuma a wannan matakin ba ta ci gaba da ko sisi ba, ta dai koma inda take lokacin da take gida, da ƙarin gajiya. Akwai kuskuren da ake yawan yi a daidai wannan gaɓa, kuma yana da tsada. Ribar 1,000 a kan kayan da aka saro 3,000 kashi ɗaya bisa uku ce na kuɗin sari, amma kashi ɗaya bisa huɗu ce na kuɗin sayarwa. 'Yan kasuwa sun fi sabawa da faɗin ribarsu a kan sari, to amma lissafin da muke yi a kan ciniki yake. Idan ta yi amfani da ɗaya bisa uku, za ta ga kamar ƙarin 330,000 ya wadatar, alhali zai bar ta da giɓin 27,500 kowane wata, kuma ba za ta gane inda kuɗin ke zurarewa ba sai hayar shekara ta biyu ta ƙwanƙwasa ƙofa.

Adadi irin 440,000 yana da wuyar kamawa a zuciya, shi ya sa ya fi kyau a mayar da shi mutane. Idan matsakaicin abin da mutum ɗaya ke saye 4,000 ne, tana bukatar ƙarin masu saye 110 a wata, wato huɗu zuwa biyar a kowace rana idan shagon yana buɗewa kwana 26. Wannan abu ne da ake iya bincikawa, kuma binciken yana farawa ne daga littafin da kusan babu mai ajiye shi, wato littafin cinikin da ya kuɓuce. Duk wanda ya tambayi kaya bai saya ba, a rubuta ranar da abin da ya nema da dalilin da ya hana, a yi haka har wata uku. Aikin yana da gundura, amma a ganina babu wata shaida da ta fi shi nauyi a wannan shawara, domin shi ne ke rarrabe matsalar wuri da matsalar jari da matsalar farashi, waɗanda daga nesa duk kamanninsu ɗaya ne.

A ce matar nan ta yi hakan, ta tarar da cewa a wata tana rasa ciniki 70. A cikinsu 30 sun tafi ne saboda babu lambar takalmin da ta dace da ƙafar yaron ko babu launin da ake so, 15 sun ce kuɗin ya yi musu yawa, sauran 25 kuma su ne waɗanda suka ce sai yaro ya gwada kafin su biya, ko ba sa son shiga gidan mutane, ko sun zo a lokacin da ba ta iya karɓar baƙi. Waɗannan 25 ɗin kaɗai shago zai dawo da su. Talatin ɗin farko matsalarsu ƙarancin kaya ce, wadda jari ke magancewa, kuma kamar yadda za mu gani kama shago yana iya ƙara tsananta ta. Masu kukan farashi kuwa shago zai ƙara nisanta su ne, tun da babu yadda za a yi ta rage kuɗi bayan ta ɗora wa kanta haya. To idan aka cire 25 daga 110, saura 85 da dole su fito daga masu wucewa waɗanda ba su taɓa saninta ba, kimanin uku a rana.

Ko wurin zai iya ba da uku a rana, wannan ba a jin sa daga bakin dillali, wanda la'adarsa ke jiran a sa hannu. Zuwa ake yi a tsaya. A je da safe, da rana, da yamma, a ranar aiki da ranar hutu, a ƙirga masu wucewa da ƙafa ta gaban ƙofar a cikin rabin awa, a kuma lura ko su wane ne, domin titin da motoci ke gudu a kansa ba tare da wurin tsayawa ba yana iya cika da hayaniya alhali babu mai saye, kuma ɗaruruwan ma'aikata masu sauri zuwa aiki ba su ne iyayen da ke neman takalmin yaro ba. Idan akwai shago kusa mai kaya makamancin nata, a zauna a ga mutum nawa ke shiga a awa guda, nawa ne kuma ke fitowa da leda a hannu. Sannan a tambayi maƙwabta abin da wanda ya bar shagon yake sayarwa, tsawon zamansa, da abin da ya tashe shi. Shagon da mutum uku suka shiga suka fita a cikin shekara biyu yana da labari, ko ruwa ne ke shiga da damina, ko ɓarayi, ko mai shagon ne ke ƙara haya da zarar ya ga ciniki ya kankama.

Ko da lissafin wata-wata ya yi kyau, akwai lissafi na biyu da ya fi kayar da mutane, wato na kuɗin da za a fitar a dunƙule kafin a sayar da ko abu ɗaya. A inda ake biyan hayar shekara gaba ɗaya, matar nan za ta ajiye 480,000, ta ƙara 288,000 na gyara da la'ada, da 40,000 na ajiya da mai shagon zai riƙe saboda ɓarna. Wannan 808,000 ne, kuma ba a sayi ko takalmi ƙafa ɗaya ba. Ya kamata kuma ta tanadi kuɗin tafiyar da shagon na aƙalla wata uku, wato 174,000 ban da haya da gyara da aka riga aka lissafa, saboda sabon wuri yakan ɗauki lokaci kafin a san da shi. Idan abin da ta tara 700,000 ne, to tun kafin a zo kan wannan tanadi ta riga ta gaza da 108,000, kuma wurin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne uwar kuɗi.

A nan ne abin yake juyewa. Kayan da ke hannunta sun kai 900,000 a farashin sari, kuma tun da kayan da take sayarwa a wata na 450,000 ne a sari, jarinta yana juyawa sau ɗaya a cikin wata biyu. Cinikin 1,040,000 yana cin kayan 780,000 a wata, don haka idan saurin juyawar bai canza ba tana bukatar kayan 1,560,000 a ƙasa, wato ƙarin 660,000. Ga shi kuwa maimakon ƙari, ta zaftare jarin ne don ta biya haya. Sakamakon shi ne shago mai sabon fenti da kantar da rabinta babu kaya. Kayan da suka cika ɗakin gida har ana tsallake su, idan aka jera su a shago sai su zama kamar an yi gwanjo an kwashe. Mai saye yana shigowa ya tambayi lamba 32, a ce ta ƙare, ya tambayi baƙi, a ce sai ja, ya fita ya tafi, kuma da wuya ya sake dawowa. Waɗancan 30 da take rasawa saboda ƙarancin kaya sai su zama 50. Cike giɓin da rance ba ya sauya lissafin sai dai ya ƙara masa layi, domin abin da za a riƙa biya duk wata shi ma nauyi ne tsayayye da za a ɗora a kan 110,000 ɗin, a sake rabawa da rabon riba.

Hukuncin da zan yanke wa wannan mata shi ne lokaci bai yi ba, aƙalla ga wannan shagon. Idan ta zuba wani ɓangare na 700,000 ɗinta wajen cike lambobi da launukan da ake nema, tana iya kama mafi yawan ciniki 30 ɗin nan, ribar da ta kusa 30,000 a wata, ba tare da ta ɗauki wani nauyi tsayayye ba. Masu son gwadawa kuma akwai matakan tsakiya da ake iya bi da su: karɓar kanta ɗaya a shagon wani mai kayan da ba sa gogayya da nata a biya shi wani abu a wata, ko haɗa haya da wata, ko ɗaukar teburi a lokacin komawa makaranta kawai. Ƙaramin shago ma yana sauya lissafin sosai. Idan hayar 25,000 ce a wata kuma ita za ta zauna da kanta babu mai taimako, nauyin ya sauko zuwa 65,000, wato ƙarin masu saye 65, waɗanda 25 daga cikinsu tana da su a littafi. Sai dai a nan ma akwai abin biya, domin duk awar da ta fita saro kaya ko kai oda shagon a rufe yake, hayar kuwa tana tafiya.

Lamarin mai rumfa ko teburi a kasuwa ya bambanta ta wata fuska mai muhimmanci. Mai sayarwa a gida abokan cinikinsa shi suke nema, don haka za su bi shi duk inda ya koma. Mai rumfa kuwa yawancin masu saye a wurinsa na wurin ne, sun zo kasuwa ne suka gan shi a kan hanya, kuma ranar da ya tashi wanda ya gaje rumfar ne zai gaje su. Saboda haka shi ba zai ɗauka cewa tsohon cinikinsa zai bi shi cikakke ba. Hanyar aunawa ita ce ya lura na 'yan makonni, cikin kowane mutum goma da suka saya nawa ne suka kira shi kafin su zo, ko suka tsallake wasu rumfuna masu irin kayansa suka nufo shi kai tsaye. Idan uku ne, to kashi 70 na cinikinsa yana cikin haɗari, kuma sai ya ƙara wannan asara a kan abin da shagon zai nemo. Ta ɗaya ɓangaren kuma yana da abubuwan da zai rage, waɗanda mai gida ba shi da su: kuɗin rumfar kanta, kuɗin sito, ladan masu ɗauko kaya da safe su mayar da yamma, kayan da rana ke kashe wa launi ko ruwa ke lalatawa, da awa ɗaya ko biyu da ke tafiya kullum wajen shimfiɗawa da tattarawa. A wurinsa bambancin da ke tsakanin tsohon nauyi da sabo ne za a raba da rabon riba. Mafi aminci gare shi shi ne shagon da ke cikin kasuwar ko bakinta, kuma idan hali ya yi ya riƙe rumfar na wata biyu ko uku yana nuna wa mutane sabon wurin kafin ya sake ta.

Akwai lokutan da ba lissafin riba ne ke yanke hukunci ba, kamar idan dokar wurin ta hana irin wannan sana'a a gidan zama, ko hukuma ta shardanta wurin da za ta iya dubawa kafin ta ba da lasisi, ko mai gidan da ake haya ya hana shigowar masu saye. A irin wannan hali tashi ya zama dole, kuma amfanin lissafin shi ne ya nuna iyakar hayar da sana'ar za ta iya ɗauka.

Idan alƙaluma sun ba da dama, saura takardar yarjejeniya, wadda dokokinta suka bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tambayoyin da ake yi mata kusan ɗaya ne. A rubuta tsawon hayar da yadda za a sabunta ta, da iyakar ƙarin da za a iya yi da kuma wa'adin sanarwa kafin ƙari ko tashi, domin wanda ya kashe 288,000 a gyara bisa tsammanin shekara biyu, aka tashe shi bayan ɗaya, nauyin gyaran ya ninka a kansa. A fayyace wanda zai gyara rufi da wayoyin wuta, da ko za a iya cire kanta a tafi da ita, da ko an yarda a saka wani a shagon idan mai haya ya kasa ci gaba. A karanta mita tare da mai shagon a ranar karɓar makulli, a tabbatar babu tsohon bashin wuta ko na haraji da ke jiran sabon shiga, a kuma tabbatar cewa wanda ke karɓar kuɗin shi ne mai wurin ko wakilinsa na gaskiya.

Gwajin da na fi amincewa da shi ana yin sa ne tun ana gida. Mutum ya buɗe asusu na dabam, ya riƙa zuba adadin hayar a cikinsa kowane ƙarshen wata har wata shida, ciki har da watannin da kasuwa ke kwanciya, ba tare da ya taɓa kuɗin sari ba. Idan ya kasa ko sau biyu ne, ya sami amsarsa kyauta. Idan ya iya, ya tara rabin hayar shekara. Wannan ɗabi'a kuma ita ce ma'aunin da zai ci gaba da shi bayan ya shiga shagon, domin wanda ya biya shekara a dunƙule yakan manta cewa yana cin haya kullum, ya ɗauki duk abin da ya shigo a matsayin riba. Matar misalinmu, idan wata rana ta shiga, ya kamata a ƙarshen wata na shida ta ga 240,000 a wannan asusu, ta kuma ƙirga kayan da ke kanta a farashin sari ta ga ba su gaza na ranar buɗewa ba. Idan asusun ya cika amma kayan sun ragu, jarinta ne ke biyan haya, kuma tana da sauran wata shida da za ta nemi wanda za su raba shagon, ko ta ba da sanarwar tashi a cikin wa'adin da takardar ta tanada.